Zagaye Cikin Zagaye: Tambayar Da Ke Kayar Da Masu Neman Aikin Rubuta Manhaja

Kamfanonin da ke ɗaukar masu rubuta manhaja suna da wata tambaya da ba sa gajiya da ita. Za a ɗora wa mai neman aiki 'yan layukan kod a gabansa, ba a ce ya gyara ba, ba a kuma ba shi damar kunna su a kwamfuta ba. Abin da ake so ya faɗa shi ne, idan bayanan da za a ba wannan kod suka yi ta ƙaruwa, yaya lokacin da zai ɗauka zai riƙa ƙaruwa? A kan allo za ka ga an rubuta `time complexity`, a ƙasa kuma amsoshi huɗu, ka zaɓi ɗaya. Ga wadda ta fi yawo a cikinsu, an rubuta ta da harshen Python:

```python
count = 0
i = n
while i > 0:
    for j in range(i):
        count += 1
    i = i // 2
```

Amsoshin su ne `O(n²)`, `O(n log n)`, `O(n)` da `O(log n)`. Mai gaggawa zai danna ta farko. Wanda ya ɗan yi karatu zai yi murmushi ya danna ta biyu. Dukansu sun faɗi, domin amsar da ake nema ita ce ta uku. Ko da ba ka taɓa rubuta kod ba, za ka iya gano dalili da kanka, don ba a buƙatar komai sai ƙidaya da haƙuri.

Bari mu fara karanta abin da ke rubuce. Harafin `n` yana tsaye ne a madadin yawan bayanai: sunayen ɗalibai, lambobin waya, kayan da ke cikin shago, ko mene ne. Kalmomin `while` da `for` umarni ne ga kwamfuta cewa ta maimaita abin da ke ƙarƙashinsu, shi ne za mu kira zagaye. A nan zagaye biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na waje yana ci gaba muddin `i` ya fi sifili. Na ciki yana juyawa sau `i`, kuma duk juyin da ya yi sai a ƙara ɗaya a kan `count`. Layin ƙarshe yana raba `i` gida biyu, ya yar da ragowar. Tambayar gaba ɗaya ta dawo kan abu guda: sau nawa za a zartar da layin `count += 1` kafin kod ɗin ya tsaya?

Mai karatu zai ce, me ya sa ba za a ɗauki agogo kawai a auna ba? Saboda agogo yana auna kwamfutar ne tare da kod ɗin. Tsohuwar waya da babbar na'urar kamfani ba za su ba da daƙiƙu iri ɗaya ba, haka harsunan rubuta manhaja ma wani ya fi wani sauri. Amma yawan matakan da kod zai taka bai damu da na'ura ba. Shi ya sa ake ƙirga matakai, kuma ba ma ainihin adadinsu ake nema ba, yanayin ƙaruwarsu ake nema. Idan bayanai suka ninka, aikin zai ninka ne, ko zai ninka sau huɗu, ko kuwa da ƙyar zai motsa? Alamar `O` da ake rubuta amsar da ita ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masanin lissafi Bajamushe Paul Bachmann ne ya fara amfani da ita a 1894, Edmund Landau ya yaɗa ta daga baya, sai masana kwamfuta suka are ta.

Dalilin da ya sa mutane suke saurin danna `O(n²)` ba wauta ba ce. Akwai zagaye biyu da lallai haka lissafinsu yake. Idan na waje yana juyawa sau `n`, na ciki ma yana juyawa sau `n` a kowane karo, to aikin `n` sau `n` ne. Bayanai 1,000 za su ci matakai miliyan 1, bayanai 2,000 kuma su ci miliyan 4. Wannan shi ne misalin farko da ake koya wa kowane ɗalibi, sai ya zauna masa a kai cewa zagaye biyu daidai yake da `n²`, zagaye uku kuma `n³`. Ƙa'idar tana aiki sau da yawa, shi ya sa take da haɗari. Masu shirya tambayar sun san da ita, kuma ita suke ɗana wa tarko.

Kafin mu koma kan tambayarmu, akwai wata 'yar'uwarta da ya kamata a sani, don ita tana ruɗar mutane ta ɗaya ɓangaren:

```python
count = 0
for i in range(n):
    for j in range(i + 1, n):
        count += 1
```

A nan zagayen ciki ba ya cika `n`, kullum raguwa yake yi. Ka ɗauka wurin ɗaurin aure ne, mutum 10 sun taru, kowa zai yi musabaha da kowa. Na farko zai miƙa wa mutum 9 hannu. Na biyu ya riga ya gaisa da na farko, saura masa 8. Na uku 7, haka har a zo kan na ƙarshe wanda bai da sauran wanda zai gaisa da shi. Jimilla musabaha 45. Idan mutum 20 ne, ba 90 za a samu ba, 190 za a samu. Mutum 100 za su yi 4,950, mutum 200 kuma 19,900. Lissafin shi ne `n(n-1)/2`, wato kusan rabin `n²`.

Mai neman aiki da ya lura cewa aikin ya ragu da rabi yakan ɗauka ya fita daga ajin `n²`. Bai fita ba. Dubi adadin da kyau: daga 100 zuwa 200 mutane sun ninka, musabaha ta ninka kusan sau huɗu, daidai da yadda cikakken `n²` yake yi. Rabin nan yana nan daram ko bayanai 10 ne ko miliyan 10, ba ya canza yanayin ƙaruwar. Don haka ake yar da shi, a rubuta `O(n²)`. Haka ake yi da duk wata lamba tsayayya da ake ninka aiki da ita, haka kuma ake yi da ƙananan ɓangarorin da babba yake shanyewa idan `n` ya girma.

To ga abin lura. A tambayarmu ta farko ma zagayen ciki raguwa yake yi. Me ya sa ita raguwarta za ta canza amsa, ta musabaha ba ta canza ba? Bambancin yana cikin irin raguwar. A musabaha ɗaya-ɗaya ake cirewa: 9, 8, 7, 6. A tambayarmu rabi ake zubarwa kowane karo.

Mu ɗauki `n` a matsayin 16, mu bi kod ɗin da fensir. A juyi na farko `i` 16 ne, zagayen ciki ya yi aiki sau 16. Aka raba biyu, `i` ya zama 8, aka yi aiki sau 8. Sai 4, sai 2, sai 1. Rabin 1 idan aka yar da ragowa sifili ne, kod ya tsaya. Haɗa su: 16 da 8 da 4 da 2 da 1, ya ba mu 31. Da `n²` ne, 256 za mu gani. Yanzu mu gwada 1,000. Za mu samu 1,000, 500, 250, 125, 62, 31, 15, 7, 3, 1. Jimillarsu 1,994. Idan muka kai `n` miliyan 1, jimillar 1,999,993 ce. A duk ukun adadin ya matso dab da ninkin `n` amma bai taɓa shi ba: 31 bai kai 32 ba, 1,994 bai kai 2,000 ba.

Wannan ba dace ba ne, kuma dalilinsa shi ne zuciyar tambayar. Koma kan 16. Juyi na farko shi kaɗai ya ci 16. Duk sauran juye-juyen da suka biyo baya, 8 da 4 da 2 da 1, idan ka tara su 15 ne, ba su kai na farkon ba. Haka abin yake a kowane mataki: bayan 8, abin da ya rage 7 ne, bayan 4 kuma 3. Duk lokacin da ake raba abu biyu ana tarawa, rabi da kwata da rabin kwata har iya inda ƙarfinka ya kai, tarin ba zai taɓa cika guda ɗaya ba. Saboda haka aikin gaba ɗaya shi ne `n` na juyin farko, da wani abu da bai kai `n` ba na sauran. Bai wuce `2n` ba ke nan. A yar da lamba 2 kamar yadda muka yar da rabin musabaha, amsa ta fito `O(n)`.

Wanda ya zaɓi `O(n log n)` ya cancanci a tsaya a kansa, don kuskurensa na mai ilimi ne. Ya gane cewa zagayen waje ba ya juyawa sau `n`. Tun da rabawa biyu ake yi, juyinsa kaɗan ne: sau 5 a 16, sau 10 a 1,000, sau 20 kacal a miliyan 1. Wannan adadin, wato kusan sau nawa za ka raba lamba biyu kafin ta ƙare, shi ake nufi da `log n` a wannan fanni. Har nan bai yi kuskure ba. Sai ya dubi zagayen ciki ya ce mafi yawan abin da zai yi shi ne `n`, ya ninka su, ya samu `n log n`. Matsalar ita ce zagayen ciki sau ɗaya tak yake yin cikakken `n`. A miliyan 1, lissafinsa ya ce matakai miliyan 20, alhali ainihin matakan ba su kai miliyan 2 ba. Ninkawa tana halatta ne kawai idan aikin ciki iri ɗaya ne a kowane juyi. Idan aikin ciki ya dogara da inda na waje ya kai, kamar yadda `range(i)` ya dogara da `i`, to tarawa ake yi juyi bayan juyi.

Za ka tabbatar da haka idan ka canza harafi ɗaya. Mai da `range(i)` ya koma `range(n)`. Yanzu zagayen ciki bai damu da raguwar `i` ba, yana cika `n` a kowane karo. A 1,000 zai yi 1,000 sau 10, wato 10,000. Amsa ta koma `O(n log n)` da gaske. Masu intabiyu suna son wannan wasan ƙwarai. Da ka ba da amsa daidai, sai a sauya harafi a sake tambayarka, don a gane ko ka fahimta ne ko hadda ka yi.

Akwai wata 'yar gardama da masu tsantseni kan tayar, kuma suna da gaskiya. A asalin ma'anarta, alamar `O` iyaka ce ta sama, tana cewa aikin ba zai wuce kaza ba. Kod ɗin da bai wuce `2n` ba, ai bai wuce `n²` ba ma, don haka a tsantsar lissafi amsa uku daga cikin huɗun nan ba ƙarya ba ne, `O(log n)` ce kaɗai ba ta da kafa. Donald Knuth ya yi rubutu a 1976 yana kira da a riƙa amfani da alamar `Θ` idan ana nufin iyakar da ta kama daidai sama da ƙasa. Amma a ɗakin intabiyu `O` ake cewa, ana nufin mafi matsatsiyar iyaka. Idan ka ambaci wannan bambancin a taƙaice bayan ka ba da amsa, zai ƙara maka daraja. Idan ka mai da shi hujjar kare amsar da ba ita ba, ka ɓata rawarka da tsalle.

A ganina wannan tambaya tana da amfani ne kawai idan an bar mai amsa ya yi magana. A jarrabawar danna amsa, ko mai cinke yana da damar dacewa sau ɗaya cikin huɗu, wanda kuma ya taɓa ganinta zai wuce ba tare da ya yi tunani ba. Idan gaba da gaba ne, abin da mai tambaya ke saurare shi ne hanyar da ka bi. Ka nuna layin da ya fi kowane maimaituwa. Ka ɗauki ƙaramar lamba mai sauƙin rabawa, 8 ko 16, ka rubuta abin da kowane juyi ya ci. Ka faɗi irin jerin da ka gani, ko ɗaya-ɗaya yake raguwa ko rabi-rabi. Wanda ya yi haka ya ɗan yi tuntuɓe a lissafi ya fi wanda ya furta amsa daidai ya kasa cewa don me.

Ƙirga zagaye da ido yana yaudara ta wata fuskar kuma, wadda ta fi tsada a wurin aiki. Akwai zagaye biyu da ba su da nauyi ko kaɗan: idan na ciki yana bin watanni 12 na shekara ne ga kowane ma'aikaci, aikin `12n` ne, wato `O(n)`. Akwai kuma kod mai zagaye ɗaya a ido wanda yake ɓoye da na biyu:

```python
seen = []
for x in data:
    if x not in seen:
        seen.append(x)
```

Wannan yana cire maimaici ne daga cikin bayanai. `for` ɗaya ce a rubuce. Amma don kwamfuta ta amsa `x not in seen`, sai ta bi jerin `seen` daga farko tana kwatanta kowane abu da `x`. Idan babu maimaici, abu na 100 za a kwatanta shi da 99 da suka gabace shi, na 1,000 da 999. Jerin nan ne mai tafiya ɗaya-ɗaya ya dawo, wannan karon yana hawa maimakon sauka, jimillarsa kuma kusan rabin `n²`. Maganinsa a Python shi ne a mai da `seen` ya zama `set()`, a yi amfani da `add` a madadin `append`. Shi `set` yana gano ko abu na ciki ba tare da bin kowa ba, a mafi yawan lokuta cikin 'yan matakai da ba su dogara da girmansa ba, sai aikin ya sauko `O(n)`. Ba kyauta ba ne: yana cin ƙarin wurin ajiya a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ba ya riƙe abubuwa bisa tsarin da suka shigo.

Kada a ɗauka ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami. Wasan kwamfutar nan na GTA Online, na kamfanin Rockstar Games, ya yi shekaru masu wasa suna kukan daɗewar da yake yi kafin ya buɗe. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ba ma'aikacin kamfanin ba ya bi diddigi. Ya gano cewa wasan yana karanta wani fayil mai kimanin megabait 10, ɗauke da kayayyaki kusan 63,000 da ake saye a cikin wasan. Duk lokacin da zai karanta lamba ɗaya daga fayil ɗin, sai an sake auna tsawon rubutun har ƙarshe. Duk kayan da aka karanta kuma, sai an kwatanta shi da duk waɗanda suka riga shi don gudun maimaici. Wannan na biyun kaɗai, idan ka saka 63,000 a lissafinmu, kwatance kusan biliyan 2 ne. Da ya toshe ramukan biyu, lokacin buɗewa a kwamfutarsa ya sauko daga kusan minti 6 zuwa ƙasa da minti 2. Kamfanin ya tabbatar da binciken, ya fitar da gyara, ya kuma ba shi dala 10,000.

Abin da ya sa irin wannan matsala take daɗewa ba a gan ta ba shi ne, a ƙaramin gwaji lafiya lau take. Mu ƙaddara na'ura tana yin matakai miliyan 100 a daƙiƙa ɗaya. Da bayanai 1,000, kod mai `n²` zai gama cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, babu wanda zai lura. Da bayanai miliyan 1, kod ɗin tambayarmu zai gama cikin kashi biyu bisa ɗari na daƙiƙa, mai `n log n` cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, mai `n²` kuwa sai ya cinye daƙiƙa 10,000, wato kusan awa 2 da minti 47. Sayen na'urar da ta ninka wannan sauri zai rage jiran da rabi, amma bayanai na ƙaruwa da kashi 41 cikin ɗari ribar ta tafi.

Wannan lissafi yana da iyakarsa. Lambobin da muke yarwa suna da tasiri a zahiri, domin kod mai `2n` da mai `200n` duk `O(n)` ake rubuta musu, alhali ɗaya ya ninka ɗaya jinkiri sau 100. A kan 'yan bayanai kaɗan kuma, hanya mai `n²` mara kwana-kwana takan tsere wa mai `n log n`. Shi ya sa hanyar jera bayanai da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002 take komawa ga tsohuwar dabarar saka kowane abu a gurbinsa ɗaya bayan ɗaya idan guntun da za a jera gajere ne, duk da cewa a kan dogon jeri dabarar ba ta da sauri.

Idan kana da kwamfuta a kusa, akwai gwajin da zai raba maka gardama cikin minti biyu. Kunna kod ɗin da `n` 1,000, ka buga `count`, sannan ka kunna shi da 2,000. Kod ɗin tambayarmu zai ba ka 1,994 da 3,994, ninki biyu ke nan. Wanda muka sauya wa harafi zai ba ka 10,000 da 22,000, ya ɗan haura ninki biyu. Na musabaha zai ba ka 499,500 da 1,999,000, ninki huɗu. A ɗakin intabiyu ba za a ba ka kwamfutar ba, don haka ka saba yin wannan gwajin a takarda da 8 da 16 tun kafin ranar ta zo.